Halofaridol, risfaridon ko olanzafin: wanne ya kamata a fara bai wa mai taɓin hankali?

Tambayar da 'yan uwan maras lafiya suke fara yi, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko a ƙaramin asibitin unguwa a Tudun Wada, ita ce wane magani ya fi ƙarfi. Ɗaliban likitanci da na aikin jinya ma ita suke yi in an zo darasin magungunan taɓin hankali. Amsar da nake ba su ita ce, in aka ware kulozafin gefe guda, wato maganin da ake komawa gare shi idan sauran sun gaza, tazarar da ke tsakanin waɗannan magunguna wajen kwantar da jin muryoyi da mugun zato ba ta da yawa. Olanzafin na ɗan gaba kaɗan, amma ba sosai ba. Inda suka rabu nesa da juna shi ne irin ɓarnar da kowanne yake yi wa jiki. Saboda haka zaɓin yana komawa ne kan abu biyu: wace illa ce wannan mutumin da ke gabanka zai iya ɗauka, kuma wace illa ce kai kake da kayan aikin gano ta kafin ta yi nisa.

Zan tsaya ne a kan guda uku da aka fi samu a kemis-kemis ɗin Zariya, wato halofaridol da risfaridon da olanzafin, sai in taɓo arififirazol a matsayin mafita idan an shiga matsi.

Abin da ya haɗa su

A jikin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa akwai wuraren da sinadarai ke sauka su isar da saƙo, su ne makarɓai. Kamar kwaɗo suke, sinadarin kuma makullinsa. Maganin taɓin hankali makulli ne da yake shiga kwaɗon amma ba ya buɗewa, sai ya tsaya a ciki ya hana na ainihin shiga. Kwaɗon da duka ukun suke toshewa shi ne D2, na sinadarin dofamin. Tun daga kulofiromazin, wanda mutane suka fi sani da lagatil, da aka fara gwadawa a birnin Faris a 1952, wannan toshewar ce ginshiƙin aikin.

Matsalar ita ce dofamin ba a wuri ɗaya yake aiki ba. Akwai hanyar da ta shafi muryoyi da zato, wadda ita muke nema. Akwai wadda ke daidaita motsin gaɓɓai. Akwai wadda ke danne sinadarin furolaktin, mai sa nono ya kawo ruwa. Akwai kuma ta gaban ƙwaƙwalwa, mai kula da himma da tunani. Ƙwayar da aka haɗiya ba ta zaɓar inda za ta je, duka take shiga.

Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna wani abu da nake so kowane ɗalibi ya riƙe. Sauƙi yana fara zuwa ne idan an toshe kusan kashi 65 cikin ɗari na makarɓan D2. Da an haura kashi 72, furolaktin zai fara hawa. Da an kusa kashi 80, sandarewa da karkarwa za su bayyana. Ka ga taga ce 'yar ƙarama. Halofaridol miligiram 2 zuwa 5 a rana ya isa ya kai yawancin mutane cikin wannan taga. Wanda aka ɗora a kan miligiram 20 ko 30 tun zuwan farko, mafi yawan abin da aka ƙara masa illa ce, ba waraka ba.

Halofaridol

A ƙasar Beljiyam aka haɗa shi a 1958, kuma har yau yana cikin mafi arha. Kama D2 yake yi da ƙarfi, sauran makarɓai kuwa kusan bai dame su ba. Daga nan alherinsa da sharrinsa suka fito. Ba ya sa ƙiba sosai, ba ya tayar da sukari ko kitsen jini kamar wasu, ba ya kwantar da mutum da barci mai nauyi. Amma a ɓangaren motsi babu wanda ya kai shi ɓarna cikin ukun.

Illolin motsin iri huɗu ne, kuma kowacce da lokacinta, wanda shi ke taimaka wa ma'aikaci ya bambance su. Ta farko murɗewar tsoka ce, a kwanakin farko, galibi kafin kwana biyar: wuya ya juye gefe, idanu su kafe sama, harshe ya fito, haƙora su datse. Samari ta fi kamawa. A garinmu duk wanda ya ga wannan, abin da zai fara zuwa masa shi ne iska ko jifa, sai a ɗauki yaro a nufi wajen ruƙiyya, a watsar da magani gaba ɗaya. Alhali allura ɗaya ta maganin da ke toshe asetilkolin, wani sinadarin saƙo na jijiyoyi, ko furometazin idan ita ke kusa, tana sakin tsokar cikin ɗan lokaci. Idan murɗewar ta taɓa maƙogwaro har numfashi ya fara wahala, wannan gaggawa ce. Abin da ke ceton amanar iyali shi ne a faɗa musu tun ranar farko: "Baba, idan kun ga wuyansa ya karkace ko idonsa ya juya sama, maganin ne, ku kawo shi nan take, muna da abin da zai warware shi."

Ta biyu ita ce rashin iya zama wuri ɗaya, cikin kwanaki zuwa makonni. Mutum ya tashi ya zauna, ya yi ta kai-kawo a tsakar gida, ƙafa ba ta tsayawa ko a sahun salla. Wannan ce aka fi yi wa mummunar fahimta, domin ana ɗauka ciwon ne ya ƙaru, sai a ƙara magani, abin ya ninka. Hanyar ganewa ita ce a tambaye shi kai tsaye ko daga ƙafafunsa yake jin abin yana tasowa. Mai wannan illa zai ce masa a jiki yake, ba muryoyin ne ke korar sa ba. Ana rage magani, ko a ƙara furofuranolol, wani maganin hawan jini, kaɗan idan ba shi da asma. Azabarta tana iya kai mutum ga tunanin halaka kansa, don haka ba abar wasa ba ce.

Ta uku sandarewa ce da karkarwar hannu da jan ƙafa, fuska ta daskare, cikin makonni. Ta huɗu tana zuwa bayan watanni ko shekaru: taunar baki babu abinci, harshe na lilo, leɓe na motsi. A kan tsofaffin magunguna irin halofaridol, kusan mutum 5 cikin 100 ne ke kamuwa da ita a kowace shekara, kuma ta fi yawa ga tsofaffi. Wani lokaci ba ta tafiya ko an daina maganin.

Nan ne benzekzol, wanda ake kira atan, yake shigowa, kuma ina da ƙorafi a kan yadda ake raba shi. Yana maganin murɗewa da sandarewa, ba ya wani taimako ga rashin iya zama, taunar bakin nan kuwa ƙara ta yake yi. Yana busar da baki, yana sa taurin bayan gida da mantuwa, sannan kowa a Arewa ya san matasa suna shan sa don maye. Rubuta shi ga kowa da kowa na tsawon shekaru, ba tare da an duba ko ana buƙata ba, ba daidai ba ne.

Risfaridon

Shi ya zo kasuwa a 1993. Yana toshe D2, amma ya fi kama makarɓin sirotonin mai suna 5-HT2A da ƙarfi, kuma wannan yana ɗan sassauta wa hanyar motsi. Sassaucin yana da iyaka. Daga miligiram 2 zuwa 4 a rana mutum kan yi lafiya lau, da an wuce 6 kuwa sai ya fara kama da halofaridol. Yana kuma toshe makarɓin α1 na jijiyoyin jini, shi ya sa ake farawa da miligiram 1 a ɗaga a hankali, don kada mutum ya miƙe tsaye jiri ya kwashe shi.

Babban aibinsa furolaktin ne, kuma a nan ya fi sauran biyun. Ga mace, al'ada ta rikice ko ta ɗauke, nono ya fara ɗiga alhali ba goyo take ba, ciki ya ƙi shiga. Ga namiji, sha'awa ta ragu, gaba ta yi sanyi, wani ma ƙirji ya tasa. Idan abin ya daɗe ƙashi yakan yi laushi. Babu wanda zai kawo maka wannan kukan da kansa, musamman ga uwa ko suruka zaune a gefe. Sai ka nemi rakiya ta ɗan ba ku wuri, ka tambaya da kalmomi masu mutunci. Amarya da al'adarta ta ɗauke wata uku, gida ya fara murna, awo kuma ya nuna babu komai, za ta iya daina shan magani a ɓoye ba wanda ya sani sai ciwon ya dawo. Magidanci ma haka. A ganina wannan illa ta raba mutane da maganinsu fiye da yadda takardun asibiti ke nunawa, don ba a rubuta abin da ba a tambaya ba.

A wajen ƙiba da sukari, risfaridon tsaka-tsaki ne: ya fi halofaridol, bai kai olanzafin ba. Yara da matasa sun fi yin ƙiba a kansa.

Olanzafin

Wannan ne iyali suka fi so, kuma na fahimci dalili. Yaron da ya yi mako biyu bai runtsa ba, yana surutai yana ƙin abinci, an ba shi miligiram 10 da dare, kafin mako ya zagayo yana barci yana cin tuwo. Sandarewa ba ta cika zuwa ba, furolaktin ma hawa kaɗan yake yi. An fara sayar da shi a 1996.

Sai dai ba D2 da 5-HT2A kaɗai yake toshewa ba. Yana kama H1 na histamin da ƙarfi, wanda ke kawo barci da buɗewar ciki. Yana kama 5-HT2C, wanda ke cikin masu sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Yana kama makarɓan asetilkolin, daga ciki har da M3 da ke da hannu a fitar da insulin daga jikin saifar sukari, wato gaɓar da ke bayan tumbi. Haɗa waɗannan wuri ɗaya, sai ka sami mutum mai yunwar da ba ta ƙarewa, mai yawan kwanciya, wanda jikinsa kuma ya daina sarrafa sukari yadda ya saba. Abu na ƙarshen nan yana iya faruwa ko da mutum bai yi ƙiba ba, shi ya sa sikeli kaɗai bai wadatar ba.

Wani babban bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2005, a kan mutum kusan 1,500 masu sikizofiriniya, wato taɓin hankali mai daɗewa da ke zuwa da jin muryoyi da mugun zato, ya nuna fuskokin nan biyu. Kashi 74 cikin ɗari na mahalarta sun bar maganin da aka fara ba su kafin wata 18. Masu shan olanzafin ne suka fi daɗewa a kan nasu, kashi 64 ne suka bari. Amma kashi 30 cikinsu sun ƙara nauyin da ya haura kashi 7 cikin ɗari na jikinsu, kuma sukari da kitsen jininsu sun fi na kowa hawa. Idan aka tuna cewa masu wannan lalura suna rasuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sa'o'insu, kuma ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ne kan gaba wajen jawo hakan, za a ga cewa wannan ƙiba ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da ya ƙara mana wahala a nan shi ne yadda muke kallon ƙiba. Uwa za ta shigo da fara'a ta ce: "Likita, mun gode Allah, ya murmure, dubi kumatunsa." Gaskiyarta ne, ta ga ɗanta ya rame kamar zai karye, yanzu ya cika riga. Ba za ka rage mata farin ciki ba, amma dole ka nuna mata lambobin.

Misali dalla-dalla

A ɗauko saurayi ɗan shekara 22, mai koyon ɗinki a Sabon Gari. Wata biyu yana jin ana zaginsa ta cikin bango, ya daina zuwa shago, ba ya barci. An duba babu zazzaɓi, babu alamar shaye-shaye, an tabbatar karon farko ne na ciwon. Mahaifiyarsa tana da ciwon sukari. Nauyinsa kilo 62, tsawonsa mita 1.72. Idan aka raba nauyi da tsawo sau tsawo, ma'aunin jikinsa ya kama 21. Ƙugunsa santimita 78, awon jini 118/74, sukarin safe kafin karin kumallo 5.1 mmol/L.

Halofaridol zai kare shi daga gadon sukari, kuma aljihun iyali zai ɗauka. Amma saurayi ne, shi ne ainihin wanda murɗewar tsoka ke nema, sana'arsa kuma ta hannu ce: tela mai karkarwa ba zai zura zare a allura ba. Olanzafin zai ba shi barci da wuri, amma matashi ne siriri da bai taɓa shan irin wannan magani ba, ga uwa mai sukari, kuma irinsa ne suka fi yin ƙiba a kansa. Ni risfaridon zan fara ba shi, miligiram 1 da dare, in kai shi 2 cikin 'yan kwanaki, in tsaya a 2 zuwa 4, in haɗa masa da maganin barci na ɗan gajeren lokaci idan da buƙata, sannan in riƙa tambayarsa shi kaɗai game da lafiyar gabansa.

To a ce ba haka aka yi ba, an fara masa olanzafin miligiram 10 saboda rashin barcin ya gallabi gida. Mako na 4 ya hau sikeli, kilo 65.5. Ƙarin kilo 3.5 a kan 62 ya kama kashi 5.6 cikin ɗari. Wannan lambar ita ce gargaɗin, domin wanda ya ƙara kashi 5 a watan farko, alama ce mai ƙarfi cewa zai ci gaba da hawa. A nan ya kamata a zauna da shi da mahaifiyarsa. Idan ba a auna shi ba kuwa, babu wanda zai lura, domin kilo uku da rabi a jikin ramamme kyau yake ƙara masa.

Mako na 12, kilo 71. Ƙarin ya kai kilo 9, kashi 14.5 cikin ɗari. Ƙugu ya koma 88, sukarin safe 6.0, kitsen jini nau'in tiragilisarid 2.1 mmol/L. Ka lura da wani abu: ma'aunin jikinsa 24 ne, har yanzu yana cikin abin da ake kira daidai, ƙugunsa bai kai 94 ba, sukarinsa bai kai 7.0 ba. Wanda ya kalli takardar ranar ita kaɗai zai iya ɗauka babu abin tashin hankali. Sai wanda ya ajiye ta kusa da ta ranar farko ne zai ga inda aka dosa. Amfanin awon farko ke nan, kuma shi ne aka fi tsallakewa saboda ranar kowa hankalinsa a tashe yake.

Mafita uku ce a gabansa. Ta farko gyaran ci da motsi, kuma a faɗe shi da abin da ke cikin gidan: a rage lemon kwalba da sukarin shayi da na fura da koko, a daina ajiye burodi da cincin a ɗakinsa, yunwar dare a tare ta da gyaɗa kaɗan ko dafaffen wake ko kwaɗon zogale, ya koma shago da ƙafa maimakon acaɓa. Wannan wajibi ne, amma shi kaɗai ba ya cika rinjayar olanzafin. Ta biyu a ƙara metfomin, maganin ciwon sukari, a fara da miligiram 500 tare da abinci a ɗaga a hankali, bayan an duba ƙoda. Yakan rage kimanin kilo 3, kuma ya fi amfani idan an fara da wuri. Ta uku a sauya magani. Rage olanzafin daga 10 zuwa 5 ba ya cika dawo da nauyi, yana dai iya dawo da ciwon.

Ga wannan saurayi, tunda karon farko ne kuma bai taɓa gwada wani magani ya gaza ba, sauyi zan zaɓa. Da a ce ya riga ya sha magani biyu ba su yi ba sai olanzafin ne ya tsayar da shi, da zan bar shi a kai in ƙara metfomin in tsananta awo, domin dawowar ciwon ma ɓarna ce babba. Sauyin kuma ba dare ɗaya ake yi ba. Ana shigar da sabon, a janye tsohon cikin makonni biyu zuwa huɗu, in ba haka ba rashin barci da tashin zuciya da rashin natsuwa za su taso a ɗauka ciwon ne. Wannan aikin likita ne, kada iyali su yi shi da kansu a gida.

Arififirazol shi ne inda aka fi komawa a irin wannan hali. Shi ba ya rufe D2 ruf, yana ɗan motsa shi kaɗan, don haka ƙibarsa kaɗan ce, furolaktin kuma sauka yake yi a kansa. Ko amaryar da na ambata, miligiram 5 nasa a kan risfaridon yakan dawo mata da al'ada. Aibinsa rashin iya zama wuri ɗaya da rashin barci a makonnin farko, sai tsada da wuyar samu a kai a kai. Maganin da za a saya wata ɗaya a kasa saya na biyu bai fi mai arha da za a ɗore a kai ba, kuma wannan tambaya ce da ake yi wa mai biyan kuɗin tun kafin a rubuta.

Awon da ba a sassautawa

Jadawalin da aka fi bi ya samo asali ne daga matsayar da ƙungiyoyin likitocin sukari da na ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2004. Kafin a fara: tarihin sukari da hawan jini a dangi, nauyi, tsawo, ƙugu, awon jini, sukarin safe da kitsen jini. Nauyi a mako na 4 da na 8 da na 12, daga nan duk wata uku. Awon jini da sukari da kitse a mako na 12, sannan sukari da awon jini da ƙugu duk shekara. Kitsen jini ma yanzu an fi son a duba shi duk shekara. Sukarin safe daga 5.6 zuwa 6.9 gargaɗi ne, 7.0 zuwa sama ciwon sukari ne idan an maimaita an tabbatar. A na'urar da ke nuna mg/dL, lambobin su ne 100 zuwa 125, da kuma 126. Ƙugu kada ya kai 94 ga namiji, 80 ga mace.

Rabin wannan aiki sikeli ne da tef ɗin tela da na'urar awon jini, waɗanda ko asibitin ƙauye a Giwa ko Soba zai iya mallaka. Ana auna ƙugu a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, mutum a tsaye ya saki numfashi, ba a kan babbar riga ba. A yi amfani da sikeli ɗaya kullum. Idan kuɗi bai kai na kitsen jini ba, kada hakan ya sa a bar sukari, wanda ɗigon jini ɗaya ne a yatsa. Inda kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ko maras lafiyar ba zai iya dawowa duk wata ba, ni ban ga hujjar fara olanzafin a matsayin zaɓin farko ba.

Akwai abubuwa biyu na yankinmu da ke rikita awon sukari. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, ba abin dogaro ba ne ga mai sikila ko mai ƙarancin jini sosai, kuma yana makara idan sukarin ya hau farat ɗaya, don haka a watannin farko na safe ya fi. A watan azumi kuma, jinin da aka ɗiba da hantsi ba na mai wofin ciki ba ne, tunda an yi sahur. Sai an cika awa 8 bayan sahur, wato wajen azahar zuwa la'asar. Duk mai shan olanzafin da ya fara yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko ya fara ramewa bayan ya yi ƙiba, a auna sukarinsa a ranar, kada a jira jadawali.

Taba ma tana da hannu. Hayaƙinta yana sa hanta ta gaggauta narkar da olanzafin, don haka mashayi yakan buƙaci fiye da wanda ba ya sha, idan kuma ya daina kwatsam maganin zai taru masa, barci da jiri su ƙaru. Kabamazafin, maganin farfaɗiya, yana rage ƙarfin olanzafin da risfaridon da halofaridol duka. Kwinin da wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin iritiromaisin da sifurofuloksasin, suna iya haɗuwa da halofaridol su tsawaita tazarar QTc a awon zuciya, wato lokacin da zuciya ke ɗauka ta buga ta sake shirin bugu na gaba, kuma idan ta haura 500 ms akwai haɗarin bugun zuciya ya rikice. Saboda haka duk inda mai shan waɗannan magunguna ya je neman maganin zazzaɓi, ya faɗi abin da yake sha.

Illa ɗaya ta rage wadda duka ukun ke iya kawowa, ko da yake an fi ganinta da halofaridol, musamman na allura da aka yi da yawa. Zazzaɓi mai zafi, jiki ya sandare ƙam, gumi, ruɗewa, bugun zuciya da awon jini suna hawa da sauka. Ba ta da yawa amma tana kisa. A Zariya, daga Maris zuwa Mayu, wannan hoton ya yi kama da sanƙarau ko zazzaɓin da ya hau kai, kuma zafin bazara da ƙarancin ruwa a jiki suna ƙara haɗarinta. Abin da ke bambanta ta shi ne sandarewar ta game hannu da ƙafa duka, ba wuya kaɗai ba, sannan an fara magani ko an ƙara shi kwanan nan. A tsayar da maganin nan take, a sa ruwa, a sanyaya jiki, a auna sinadarin CK, mai nuna lalacewar tsoka, da aikin ƙoda, a kuma binciki sanƙarau da zazzaɓin a lokaci guda, a asibitin da ke da gadon kwantarwa.